Jinjina ga Iyaye Mata, Tuni ga Masu Gida: Banɗaki da Yaro Mai Tatata

A duk gidan da ake da yaro mai tatata, ɗan shekara ɗaya zuwa uku, akwai wani aiki da ake yi safe da yamma wanda ba a cika lissafa shi cikin ayyukan gida ba, wato tsare yaron daga abin da ke cikin banɗaki. Uwa ce ke yin aikin nan, ko kaka, ko wata yayar da ita ma ba ta wuce shekara goma ba. Ita ce ke ɗauke da tukunyar ruwan zafi tana ratsa tsakar gida tana cewa "ku kauce, ga ruwan zafi nan", idonta ɗaya a kan tukunya, ɗaya a kan yaron da ke bin zanenta. Ita ce ke tsoma gwiwar hannu a bokiti kafin ta yarda ruwan ya taɓa jikin ɗanta. Ita ce ke jiyo shiru ya yi yawa ta ajiye ludayi ta ce "ina Abba ya shiga?" Miliyoyin yara sun ƙetare waɗannan shekaru masu hatsari lafiya lau saboda irin wannan sa ido, kuma ba a taɓa kiran kowa an ba ta lambar yabo a kai ba. Iyayenmu mata, sannunku da ƙoƙari. Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya muku zuri'a.

Jinjinar ta haɗa da ungozomomi da ma'aikatan jinya da ke tsayawa gaban mata ranar awo ko ranar rigakafi suna maimaita magana ɗaya har muryarsu ta dushe. Yawancin matan da na san suna zuba ruwan sanyi kafin na zafi, ko suka daina ɗura wa yaro manja idan ya sha wani abu, a irin wannan zama suka ji. Wannan ilimi ne da ya shiga gidaje ta bakin mata, kuma ya ceci rayuka.

Sai dai akwai gaskiyar da ya kamata mu faɗa wa juna. Mun ɗora dukkan tsaron yaro a kan idon mace ɗaya, alhali ido yana ƙiftawa. Za a yi sallama a ƙofa, jariri zai yi kuka, miya za ta kama, waya za ta yi ƙara. A cikin wannan minti ɗaya da hankalin uwa ya koma wani wuri ne kusan duk wani hatsarin banɗaki ke aukuwa. Don haka tambayar da ta rage mana ita ce, idan yaro ya shiga banɗaki shi kaɗai na minti ɗaya, me zai tarar? Amsar wannan tambaya ba a hannun uwa kawai take ba. Tana hannun maigida, da mai gidan haya, da magini, da mai sa tayil.

Mu fara da ruwan zafi, domin shi ne ya fi barin tabo. Tun a 1947 wasu masana biyu a Jami'ar Harvard, Moritz da Henriques, suka auna yadda zafin ruwa da tsawon lokacin da ya yi a jiki ke haɗuwa su ƙona fata, kuma har yau da sakamakonsu ake aiki. Ruwan da ya kai digiri 50 a ma'aunin Salshiyos yakan ɗauki wajen minti biyar kafin ya yi wa fatar babba mummunar ƙuna. Idan ya kai digiri 60, 'yan daƙiƙu kaɗan sun isa. A digiri 70 kuwa, daƙiƙa ɗaya ma ta wadatar. Wannan lissafin fatar babba ke nan. Fatar ƙaramin yaro ta fi ta babba sirantaka, saboda haka ƙunar ta fi saurin nutsawa, kuma yaron bai san ya janye jikinsa da sauri ba. Ruwan da aka sauke daga murhu ko gas yana kusa da digiri 100, shi kuwa ruwan wankan yaro bai kamata ya wuce 37 zuwa 38 ba, wato ɗumin jikin mutum. Duk abin da ke tsakanin tukunya da bokitin da aka sirka, fili ne na hatsari.

Ga yadda abin yake a aikace. A ce safiyar hunturu ce, ruwan randa ya kwana ya yi sanyi, yana wajen digiri 20. Idan aka zuba lita 14 na wannan ruwa a bokiti aka ƙara masa lita 4 na tafasasshe, za a samu ruwa mai ɗumin digiri 38, daidai da wankan yaro. Ruwan ɗaya ne ko da wanne aka fara zubawa, amma abin da ke faruwa a tsakani ba ɗaya ba ne. Wadda ta fara zuba na sanyi, bokitinta bai taɓa zama abin tsoro ba ko na daƙiƙa ɗaya: daga sanyi ya tafi ɗumi. Wadda ta fara juye tafasasshen ta koma rijiya ko famfo ɗebo na sirki, ta bar lita 4 na ruwan da ke iya saɓule fata a ƙasa, daidai tsayin ƙirjin yaro, babu kowa a wurin. Yaro yana ganin bokiti zai dafa bakinsa ya miƙe, ko ya tsoma hannu, ko ya ja da baya ya zauna a ciki. Shi ya sa ƙunar yaran nan ta fi yawa a ƙirji da ciki, ko a mazaunai da cinyoyi. Bayan an sirka kuma a motsa ruwan da kyau, domin wanda ba a motsa ba yakan ɓoye zafi a wani sashe, sannan a gwada da gwiwar hannu ko cikin damtse. Tafin hannun macen da ta saba da murhu ya riga ya jure zafi, ba zai faɗa mata gaskiya ba.

Akwai wani lokaci a rayuwar gidan Bahaushe da nake ganin ya fi kowane buƙatar kulawa, wato kwanakin jego. Al'adarmu ce maijego ta yi wankan ruwa mai tsananin zafi safe da yamma har ta yi arba'in, a dafa shi a babbar tukunya, sau da yawa da ganyen darbejiya ko makamancinsa. Ka duba wanda ke gidan a wannan lokaci: yaron da aka yaye ba da daɗewa ba, ɗan shekara biyu ko uku, wanda aka yi wa ƙani ko ƙanwa. Hankalin uwa ya koma kan jariri, gida cike da 'yan barka, kowa yana zaton wani ne ke kula da shi, shi kuwa yana neman uwarsa duk inda ta nufa, har ƙofar makewayi. Sau tamanin ke nan za a ɗauki tafasasshen ruwa mai yawa a ratsa gida da shi a gaban yaron da ba shi da takamaiman mai tsaro. Gyaran ba wuya gare shi ba. Kafin a sauke tukunya, a ambaci sunan mutum ɗaya a ce, "Goggo, riƙe mini shi har a gama wanka," kuma ta riƙe shi a hannu ko ta goya shi, ba wai ta dube shi daga nesa ba. Kada a kai ruwan banɗaki sai mai wankan ta shirya shiga, kuma wanda ya rage kada a bar shi a baho ya huce da kansa.

Gidajen da ke dafa ruwa da hitar da ake tsomawa a bokiti suna da hatsari biyu a wuri ɗaya, ƙuna da lantarki. Ruwan bokitin ba ya nuna alamar ya yi zafi sai ya fara tururi, kuma hitar da rufinta ya tsage tana iya sakin wuta a cikin ruwan. Mafi muni shi ne a jona ta babu wuta, a manta, a kawo wuta babu kowa a kusa. Wannan aiki a yi shi a ɗakin da za a iya rufewa, a cire soket kafin hannu ya kusanci ruwan. Masu hitar bango kuwa, mai turo ruwan zafi ta famfo, su sani ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar kada ruwan da ke fitowa daga famfo ya wuce digiri 49. Amma ruwan da ke kwance a tanki yana son zafin digiri 60 don kada wata ƙwayar cuta mai haddasa ciwon huhu ta hayayyafa a ciki. Maganin wannan shi ne ƙaramin bawul mai sirka ruwa da kansa, wanda mai aikin famfo zai ɗaura a bututun da ke fita daga hitar. Tanki ya zauna da zafinsa, famfo ya fitar da abin da ba zai ƙona yaro nan take ba. Idan an gama tara ruwa, a riƙa rufe famfon zafi kafin na sanyi, don kada ƙarfen bakin famfo ya zauna da zafi.

Idan kuma ƙaddara ta riga fata, abin da aka yi a mintunan farko shi ke rage zurfin rauni. A zuba wa wurin ruwa mai sanyi-sanyi, na famfo ko na randa, a yi ta kwararawa har minti 20. Minti ashirin yana da tsawo ga uwar da ɗanta ke tsala ihu, amma fata tana ci gaba da dahuwa bayan an janye ta daga zafi, ruwan ne ke tsayar da hakan. A cire rigar da ta jiƙe da ruwan zafi da duk wani awarwaro ko guru, sai dai abin da ya manne a fata a bar shi. A lulluɓe sauran jikin yaron don kada sanyi ya kama shi. Ban da ƙanƙara, ban da ƙwai, ban da gishiri, man goge baki, manja ko baƙin mai. Duk waɗannan ba sa cire zafi, suna dai shigar da ƙazanta, suna kuma wahalar da mai wanke ciwon a asibiti. A rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi, kada a fasa bororon da ya taso. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta taɓa fuska, hannu, ƙafa ko al'aura, ta asibiti ce a ranar. Wadda ta yi fari ko ta bushe kuma yaron ba ya jin zafinta sosai, ita ce ma mafi zurfi, kada rashin kuka ya yaudari kowa.

Bokitin nan yana da wani hatsarin ko da ruwan cikinsa ya yi sanyi. Kan yaro mai tatata ya yi wa jikinsa nauyi idan aka kwatanta da na babba. Idan ya leƙa bokiti mai zurfi ya rinjaya, kai ne ke fara shiga, kuma ba shi da ƙarfin fitar da kansa ko kifar da bokitin. Ruwan da bai wuce tsayin yatsa ba ya isa ya rufe hanci da baki, kuma babu ihu, babu fantsama da za a ji daga madafa. Mu da ke tara ruwa a bokitai da bahuna da duro saboda famfo ba ya zuwa kullum, wannan magana tamu ce. Bokitin da aka gama da shi a zubar a kife. Wanda dole a ajiye ruwa a ciki a sa masa murfi mai kamawa. Masai ma haka, na zama a rufe murfinsa, na rami a sa masa murfi mai nauyin da yaro ba zai iya ɗagawa ba, a kuma duba dandamalin bayan kowace damina ko ya fara tsagewa.

Maganar santsi ba ta da tsawo, amma ita ce tun daga tushe ba laifin mace a ciki. Tayil mai sheƙi da ake yayi, na falo ne da bango. Idan ruwan sabulu ya hau shi, babba ma sai ya yi da gaske, balle yaron da bai gama iya taka ƙasa ba. Ƙasan banɗaki tayil mai kaushi yake so, kuma ƙanana sun fi manya, domin layukan da ke tsakaninsu suna riƙe ƙafa. Wasu kamfanoni suna rubuta ma'aunin rashin santsi a jikin kwali, wanda aka rubuta wa R11 ya fi mai R9 riƙo. Idan babu rubutu, a jiƙa guda ɗaya a shago a shafa da tafin hannu kafin a biya kuɗi. Sannan magini ya karkata daɓen zuwa magudana da kamar santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, don ruwa kada ya kwanta. Daɓen siminti kuma gansakuka ce matsalarsa, buroshi mai ƙarfi ke maganinta duk mako. Wanda ya riga ya sa tayil mai santsi ba sai ya fasa ba, ya sayi tabarmar roba mai kama ƙasa da abin janye ruwa. Yaron da ya faɗi ya bugu a kai a sa masa ido yini da kwana. Idan ya yi ta amai, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa ya yi wuya, ko ya yi jijjiga, ko wani ruwa ko jini ya fito ta kunne ko hanci, a garzaya asibiti.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Shiga banɗakunanmu ka dubi bayan ƙofa ko gefen masai: haifo, hafik, aizal, ditol, garin sabulu, wani lokaci har da fiya-fiya da kananzir, duk a jere a ƙasa, daidai inda hannun ɗan shekara biyu ke kaiwa. Mafi hatsari a cikinsu shi ne wanda aka juye daga mazubinsa na asali aka zuba a gorar ruwa ko ta lemo. Yaro bai iya karatu ba, amma ya san gorar da ake ba shi abin sha a ciki.

A 'yan shekarun nan mata da yawa sun koyi haɗa sabulun ruwa da na wanki a gida, sana'a ce mai albarka da ta rufa wa gidaje asiri, kuma masu yinta sun cancanci yabo. Sai dai ta shigo da soda cikin gidaje. Soda idan aka jiƙa ta a ruwa, ba ta da kala, ba ta da wani wari mai ƙarfi, kamar ruwan sha take a ido, kuma akan bar ta ta kwana a bokiti ko gora kafin a haɗa. Kurɓa ɗaya tana narka naman baki da maƙogwaro da bututun da abinci ke bi zuwa ciki. Abin da ke ruɗar iyaye shi ne, wani lokaci bakin yaron ba ya nuna ƙuna sosai, ko ya warke cikin kwanaki a ɗauka an tsira. Bayan makonni sai tabon da ke ciki ya tsuke bututun, yaro ya fara kasa haɗiye tuwo, daga nan kunu, har ya kai yawu ma yana dalala. Daga nan sai zaryar asibiti ana buɗa hanyar sau da yawa, wani sai an yi masa babban aiki. Duk wannan daga gora ɗaya da aka ajiye a ƙasa.

Idan yaro ya sha irin waɗannan abubuwa, kada a sa masa yatsa a baki don ya yi amai, kada a ɗura masa manja, madara ko ruwan gishiri. Soda ko ruwan wanke masai mai asid idan suka dawo ta amai, sun ƙona hanya sau biyu ke nan. Kananzir kuwa babban hatsarinsa shi ne ya shiga huhu, kuma amai da ɗure su ne ke kai shi can. Kada kuma a ce za a karya soda da ruwan tsami ko lemon tsami, haɗuwarsu zafi take haifarwa. A goge bakin, a cire rigar da abin ya zuba a kai, a wanke fatar, a ɗauki yaron da mazubin abin da ya sha a tafi asibiti, ko da yana wasa kamar babu abin da ya faru. Idan a ido ya fantsama, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 kafin a kama hanya. Yaron da ya taɓa fiya-fiya ya fara zubar da yawu da gumi, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, numfashi ya yi masa wuya, wannan ba a jiran mota ta dawo, a nemi ko mai babur ne.

Wani kuskuren da masu son tsabta ke yi shi ne haɗa haifo da ruwan wanke masai don a ce ya fi fitar da datti. Haifo sinadarin bilic ne, yawancin ruwan wanke masai kuma asid ne, idan suka haɗu iskar kulorin ke tashi, mai ƙona ido da huhu. Iskar ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, tana taruwa ne a ƙasa-ƙasa, inda hancin ƙaramin yaro yake. A yi amfani da ɗaya, a ɗauraye, a bar taga a buɗe.

To Malam maigida, ga naka rabon. Sakata ɗaya a wajen ƙofar banɗaki, a sama, wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa, ta fi duk wani kashedi da za a yi wa yaron da bai san ma'anar kashedi ba. Ta ciki ma a ɗaga ta sama don kada ya kulle kansa. Ƙaramar durowa a jikin bango mai kwaɗo, a daidai wannan tsayi ko fiye, ita za ta ɗauke duk kwalaben nan da reza da magunguna. Kanta marar ƙofa ba ta isa ba, domin ɗan shekara uku ya iya kifa bokiti ya taka. Kafinta zai gama duka biyun a yini ɗaya, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar abin da jinya a gadon asibiti ke ci ba. Inda banɗakin ba shi da ƙofa sai labule ko zana, to a fitar da komai daga cikinsa, a bar buta da bokitin da aka kife kawai.

Masu gidajen haya, musamman inda iyalai da yawa ke tarayya a banɗaki ɗaya, ku ne kaɗai ke da ikon gyara daɓe da magudana da bakin masai, kuma yaran da ke yawo a gidan amana ce da ta shafe ku. Masu koyar da haɗa sabulu, ku sa darasin ajiyar soda ya zama na farko kafin a auna ko cokali ɗaya: mazubi mai murfi, a rubuta suna a jiki, a kulle, kuma kada a taɓa zuba ta a gorar abin sha. Yayyen da ake bar wa ƙanne su yi musu wanka, kada a ɗora musu ɗaukar ruwan zafi, kuma a koya musu cewa idan an kira su a tsakiyar wanka, da yaron ake fitowa.

Iyaye mata sun daɗe suna sauke nasu nauyin. Maigida, kafin ka kwanta yau ka shiga banɗakin gidanka ka tsuguna daidai tsayin ɗanka, ka dubi abin da hannunsa zai iya kaiwa. Abin da ka gani ka ɗauke shi a daren nan, gobe da safe kuma ka kira kafinta.